Lens mai kala: yadda ido ke lalacewa cikin kwana biyu

Kin taɓa ɗaukar kwalin lens ɗin nan mai canza kalar ido kin duba gefensa? Akwai wata ƴar lamba, za ki ga an rubuta BC sannan 8.6 ko wani abu kusa da haka. Yawancin masu saya kalar kawai suke dubawa, ita lambar ko kallo ba ta ishe su ba, alhali kan ta maganar take.

Lambar nan lanƙwasar lens ɗin ce a milimita. Domin gaban baƙin idonki akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, likitoci suna ce mata koniya, kuma lanƙwasarta ba ɗaya ba ce a wajen kowa. Shi ya sa likitan ido sai ya auna, ya saka miki lens ɗin, ya ce ki ƙifta yana kallo da na'ura, so yake ya ga yana ɗan motsi kaɗan duk ƙiftawa saboda hawaye su dinga shiga ƙarƙashinsa suna wanke datti. Wanda ya sayar miki a intanet kuwa bai taɓa ganin idonki ba.

To koniya babu jijiyar jini a cikinta, daga iska take samun oksijin ta cikin hawaye. Idan lens ya matse ya manne, ga fenti a jikinsa, wasu ma ƙatti ne don ido ya fito dara-dara, sai numfashinta ya ragu, ta kumbura, samanta ya fara ƙujewa. Kuma a masu arahan nan fentin wani lokaci a waje yake, ba a rufe shi a tsakiya ba, sai jikin lens ɗin ya yi kaushi, ƙwayoyin cuta su samu wajen maƙalewa.

Bari mu yi misali. Yarinya ta saka da safe za ta taro, ta wuni da shi, ta dawo a gajiye barci ya kwashe ta ba ta cire ba. Ido a rufe, iskar ta ƙara raguwa. Da safe ta ji kamar yashi ya shiga, lens ɗin ya bushe ya kama, ta sa farce ta fizgo shi, nan ta yi wa koniya ɗan rauni. Ta ce ai gajiya ce. Zuwa yamma ido ya yi jawur yana ta zubar da ruwa, ko hasken waya ba ta iya kalla. Washegari kwantsa ta liƙe idon, ga wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin. Wannan ɗigon gyambo ne wallahi, kuma akwai wata ƙwayar cuta, Sudomonas, da ke iya narkar da koniya cikin awa 24 zuwa 48.

A asibiti za a ɗiga mata wani rini mai ruwan ɗorawa, a haska da shuɗin haske, wajen ciwon ya fito kore shar. Galibi a kankaro kaɗan a kai gwaji, sannan a fara ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta duk bayan awa ɗaya, har cikin dare ana tashinta. Kuma abin da ya fi damuna shi ne ko cutar ta mutu tabo yana iya zama, in a tsakiya ya zauna to gani ya dusashe ke nan, tabarau ba lalle ya gyara ba, wasu sai an yi musu dashen koniya.

Ga kuma maganar ruwa. Kar ruwan famfo ya taɓa lens, balle yawu. Akwai wata halitta ƴar mitsitsiya a ruwa, Akantamiba, in ta shiga koniya zafinta ba a magana kuma ana shafe watanni ana magani. Aron na ƙawa ma haka, cutar idonta kika ɗauko.

Wasu za su ce ai ni idona lafiya lau, don ado ne kawai. Amurka ma tun 2005 dokarta ta sa duk wani lens, har wanda ba ya gyara gani, cikin kayan asibiti da sai da takardar likita ake sayarwa, saboda a kan fata ɗaya suke zama.

Don Allah idan kina da shi a ido yanzu kuma kika ji zafi, ko ja, ko gani ya yi hazo, ko haske na damunki, ki wanke hannu ki cire shi nan take. Kar ki jefar, ki sa shi a mazubinsa ki tafi da shi wajen likitan ido a ranar, don ana iya gano ƙwayar daga jikinsa. Kar ki rufe idon da bandeji, kuma kar ki sayi maganin ɗigawa da kanki, musamman mai sitiroid a ciki, wato sinadarin rage kumburi, yana kwantar da jan idon, ki ɗauka sauƙi ne alhali gyambon na ƙara ci ta ƙasa.