An Goge Maka Akawun Na Facebook? Kwana 30 Gare Ka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganar akawun da aka goge za mu yi, ko kai ka goge da hannunka cikin fushi, ko wani ya yi maka kutse ya goge. Da yawa da zarar sun nemi sunansu a Facebook ba su gani ba sai su ce shi ke nan, su buɗe sabo. A dakata tukuna. In bai wuce kwana 30 ba, akawun ɗinka yana nan da hotunansa da abokansa da saƙonninsa, ɓoye shi kawai aka yi.

Ga yadda abin yake. Ranar da aka danna gogewa, Facebook ba ya share komai nan take. Yana ɗauke akawun ɗin daga idon mutane, ya sa masa ranar da za a share shi, kwana 30 daga ranar da aka nema. Kamar mai shago ne da aka garƙame wa ƙofa aka ba shi wa'adin wata guda: kayansa suna ciki, amma sai da mukulli zai shiga, in wa'adi ya cika kuma a kwashe. Idan ranar ta wuce, babu maɓallin da zai dawo da shi. Za ku ji ana cewa ai kwana 90 ne. Wannan 90 ɗin lokacin da kamfanin kan iya ɗauka ne yana ƙarasa share bayanan daga rumbunsa, kai ba ka da hanyar shiga a cikinsu. Naka 30 ne.

In kai ka goge, kuma kana tune da kalmar sirrinka, aikin bai kai minti biyu ba. Buɗe Facebook, sa lambar waya ko imel ɗin da ka saba shiga da shi, sa kalmar sirri. Zai nuna maka cewa an tsara share akawun ɗin a rana kaza, da maɓalli a ƙasa mai rubutu Cancel deletion. Danna shi. A Instagram ma wa'adin kwana 30 ne, maɓallin kuma Keep account ne. Wani lokaci hotuna da jerin abokai ba sa bayyana gaba ɗaya nan take, kada hankalinka ya tashi, ba shi ɗan lokaci.

Kafin mu ci gaba, karanta abin da fuskar wayar ta rubuta maka da kyau. In ta ce an dakatar da akawun ɗinka saboda saɓa ƙa'ida, wannan ba gogewa ba ce, Facebook ne da kansa ya rufe, hanyarsa ɗaukaka ƙara ce, magana ce ta daban. In kuma ka shiga kai tsaye ba a tambaye ka komai ba, to dama rufewar wucin gadi aka yi, wadda ba ta da wa'adin sharewa.

To, inda aikin yake shi ne idan ba kai ka goge ba. Mu ɗauki misali. A ce wani Alhaji ne ɗan kasuwa a Kantin Kwari, yana tallar atamfa da shadda a Facebook, kwastomominsa daga Katsina har Maraɗi ta nan suke nemansa. Aka kira shi a waya, aka ce za a sa shi a wani tallafi, ya karanto lambar da aka turo masa. Ya karanto. Mai kutsen ya shiga, ya canza kalmar sirri, ya cire imel ɗin Alhaji ya sa nasa, ya bi kwastomomi yana karɓar kuɗin kaya. Da ya ga asiri zai tonu, ranar 3 ga Maris ya danna gogewa don ya ɓatar da sawu. Lissafa: Maris kwana 31 ne, don haka kwana 30 ɗin suna cika ranar 2 ga Afrilu. Alhaji bai lura ba sai ranar 15, da wani kwastoma ya zo har rumfa yana tambayar kayansa. Kenan kwana 12 sun riga sun tafi, saura 18. Ku lura, agogon ya fara ne daga ranar da ɓarawon ya danna, ba daga ranar da Alhaji ya gane ba.

Akwai kuma abin da ya fi zafi ga mai sana'a. Shafin kasuwancin da Alhaji ne kaɗai ke riƙe da shi yana tafiya tare da akawun ɗin. In aka share akawun, shafin da mabiyansa sun bi shi.

Mene ne abin farko da zai yi? Ba Facebook zai fara buɗewa ba, imel ɗinsa zai buɗe. A wurin bincike na imel ya rubuta facebookmail.com, domin daga wannan adireshin saƙonnin Facebook na gaskiya suke zuwa. Ya duba har cikin Spam. Abu biyu yake nema. Na farko, saƙonnin da ke nuna ranar da aka taɓa akawun ɗin, don ya san kwana nawa suka rage masa. Na biyu, saƙon da ke cewa an canza imel ko kalmar sirri. A duk lokacin da aka cire imel daga akawun, Facebook yana tura wa tsohon imel ɗin saƙo mai ɗauke da mahaɗi na musamman da zai iya warware canjin. Wannan mahaɗin ba ya daɗewa yana aiki, shi ya sa ake gaggawa.

In mahaɗin ya daina aiki, sai ya buɗe burauza ya rubuta facebook.com/hacked. Nan ina so ku riƙe wani abu da mutane ke rainawa: ya yi wannan a wayar da ya saba shiga Facebook da ita. Kada ya ari wayar ɗansa, kada ya je shagon intanet. Facebook yana gane na'urar da aka saba gani, kuma ya fi buɗe wa mai ita hanyoyin tabbatar da kansa. Zai sa tsohuwar lamba ko tsohon imel, ya sa tsohuwar kalmar sirrin da yake tunawa. Mai yiwuwa a nemi hoton katin shaida. Ya ɗauke shi cikin haske, kusurwoyi huɗu su fito, rubutun ya karantu. Anan ne waɗanda suka sa wa akawun ɗinsu laƙabi maimakon sunan da ke katinsu suke shan wahala, domin sunan da ranar haihuwar ake gwadawa. Duba katin yana iya ɗaukar kwanaki, kuma kwanakin daga cikin 18 ɗin nan suke fita.

Yanzu ga matsalar da ta fi yawa a wajenmu: layi. Mutum ya buɗe akawun shekaru da suka wuce da wani sim, waya ta faɗi a adaidaita, ya sayi sabon layi ya ci gaba da rayuwa. Facebook kuwa tsohuwar lambar ya sani, can zai tura lambar tabbatarwa. In layinka ya ɓata kwanan nan, tafi ofishin kamfanin layin da lambar NIN ɗinka a dawo maka da shi a sabon sim, yau ɗin nan, kafin komai. In ya daɗe a ajiye ba a amfani da shi, kamfanin kan sake sayar da lambar ga wani. Kira ta ka ji. In baƙo ya ɗauka, wannan ƙofar ta rufe, sai ka koma ta imel ko katin shaida. Don haka tsarin shi ne layi tukuna, sannan imel, sannan Facebook, saboda kowanne shi ke buɗe na gabansa.

To idan imel ɗin ma an goge shi fa? Nan hankali ya kamata ya fi tashi. Google bai sanar da adadin kwanaki ba ga akawun na mutum ɗaya, abin da ya ce kawai shi ne in kwanan nan aka goge, mai yiwuwa a iya dawo da shi. Don haka kada ka lissafa wa Gmail kwana 30, ka ɗauka yau ce ranarka. Rubuta g.co/recover a burauza, sa adireshin Gmail ɗin, ka amsa tambayoyin. Za a tambaye ka kalmar sirri ta ƙarshe da kake tunawa. Ko ba ka tabbata ba, rubuta wadda ta fi kusa, ya fi ka tsallake. Nan ma a wayar da ka saba, a gida ko shagon da ka saba shiga daga nan. In ya wuce, ba za ka iya sake buɗe sabo da wannan adireshin ba, Google ba ya sake bayar da sunan Gmail da aka goge. Masu Outlook ko Hotmail sun fi samun sarari, Microsoft yana jira kwana 30 ko 60, gwargwadon abin da aka zaɓa lokacin rufewa.

Abu biyu nake roƙonku kada ku yi a cikin wa'adin nan. Kada ka buɗe sabon Facebook da lambar da ke kan tsohon. Tabbatar da lambar a sabon akawun yana iya cire ta daga tsohon, ka ga ka toshe wa kanka hanya. Sannan kada ka ba kowa lambar da aka turo maka. Za ka ga masu cewa su ma'aikatan Facebook ne, ka turo kuɗi su dawo maka da akawun ko bayan wata uku. Ƙarya ce, ba a biyan ko kwabo, kuma bayan wa'adi babu wanda zai iya. In kana buƙatar taimako, je wajen mai gyaran wayar da ka sani, ko a Farm Centre ko a Beirut Road, amma wayar tana hannunka, kai za ka rubuta kalmar sirri.

Mu koma ga Alhaji. A ce an yarda da katinsa ranar 22 ga Maris, ya sa sabuwar kalmar sirri. Bai gama ba. Sai ya shiga ya danna Cancel deletion da hannunsa, ya tabbata ya ga shafinsa ya buɗe. Daga nan ya shiga Accounts Center, ya duba lambobi da imel ɗin da ke kan akawun, ya cire na ɓarawon. In ya bar shi, da shi za a sake karɓe akawun ɗin gobe. Ya shiga Password and security, ya buɗe Where you're logged in, ya fitar da duk wayar da ba tasa ba, ya kunna Two-factor authentication, wato tsaron da ke neman lambar tabbatarwa bayan kalmar sirri. Sannan ya rubuta wa kwastomominsa cewa duk wanda aka nemi kuɗi a wajensa a kwanakin baya ba shi ba ne.

Kada kuma a ɗauka kowace manhaja tana da wannan rangwame. TikTok da Snapchat da X suna ba da kwana 30, ka shiga ka dawo da abinka. WhatsApp da Telegram ba su da wa'adi ko na kwana ɗaya. A WhatsApp, in ka danna Delete account, an fitar da kai daga duk guruf ɗinka, an share saƙonninka har da ajiyar da ke Google Drive. Za ka iya sake rajista da lambar, amma fanko za ka tarar. Wanda canza waya ko lamba kawai yake so, Change number zai nema a cikin saitin, ko ya yi ajiyar saƙonninsa ya sauke su a sabuwar wayar.