Gudawar Yara: Yadda Ake Haɗa ORS, Yadda Ake Ba Da Zinki, Da Lokacin Tafiya Asibiti

Yaron da gudawa ta kama, abin da yake jefa shi cikin haɗari shi ne ruwa da gishirin da suke fita daga jikinsa a kowane bahaya, kuma jikin ƙaramin yaro ba shi da ajiyar da za ta daɗe tana ɗaukar wannan asara. Shi ya sa yaron da ya wayi gari yana wasa zai iya galabaita kafin magariba. Tun a shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa haɗa abu biyu wajen magance gudawar yara: garin ruwan gishiri da sukari wanda aka rubuta ORS a jikin ledarsa, da ƙwayar zinki. A asibitocin sha-ka-tafi da shagunan magani na Gombe ana samunsu, sau da yawa ma a cikin kwali ɗaya. Inda ake samun matsala shi ne wajen awon ruwa, da wajen cika kwanakin zinki, da kuma gane lokacin da jinyar gida ta kai iyakarta.

Mu fara da haɗin. Kafin ku yaga ledar, ku karanta adadin ruwan da aka rubuta a bayanta, domin yawanci ta lita ɗaya ce, amma akwai ƙananan ledoji da aka yi don ruwan da bai kai haka ba. Idan ba ku iya karantawa ba, ku tambayi mai shagon ko ma'aikaciyar asibiti tun kafin ku bar wurin. Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke kwano ko jug mai murfi, sannan ku auna ruwan. Awon da ya fi sauƙi shi ne ledar fiya wata, wadda take ɗauke da rabin lita, don haka biyu su ne lita ɗaya, muddin an juye su duka ba a kurɓa ba. Ku yi hattara da gorar ruwan roba, domin matsakaiciyar nan da aka saba saya santilita 75 ce, ba ta cika lita ba, babbar kuma lita ɗaya da rabi ce. Idan ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, sai a tafasa shi, a bar shi ya huce, sannan a auna, domin tafasa tana rage yawansa.

Bayan an auna ruwan, sai a juye garin gaba ɗaya a motsa da cokali mai tsabta har ya narke. A nan ne iyaye da yawa suke kuskure, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Uwa takan ga cewa lita guda ta yi wa jariri yawa, sai ta ɗebi garin da ka ta zuba a kofi, ko kuma ta juye ledar duka a fiya wata ɗaya tana ganin maganin zai fi ƙarfi. Dalilin da ya sa ba a yin haka shi ne, sukarin da ke cikin garin shi ne yake jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini, kuma wannan aiki yana tafiya daidai ne kawai idan awon ya daidaita. Idan garin ya yi yawa a ruwa kaɗan, sai lamarin ya juye: haɗin ya riƙa janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru, gishiri ya hau a jinin yaro har ya kai ga jijjiga. Idan kuma ruwan ya yi yawa, haɗin ya tsinke, ba zai mayar da gishirin da ya fita ba. A ganina, zubar da ragowar haɗi ba asara ba ce idan aka dubi abin da rabon gari da ka yake jawowa.

Saboda wannan dalilin ne ba a ƙara sukari ko zuma don a ji daɗi, ba a haɗa garin da madara ko kunu ko shayi, kuma ba a tafasa shi bayan an haɗa. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi ba sa maye gurbinsa, hasali ma yawan sukarinsu yana iya ƙara gudawar. A rufe haɗin, a ajiye a wuri mai sanyi, kuma duk abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo.

To, nawa ake ba yaro? Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wato cokalin shayi goma zuwa ashirin. Daga shekara biyu zuwa goma ana ba da mililita 100 zuwa 200, wanda ya fi haka kuma ya sha iya yadda yake so. Da cokali ko ƙaramin kofi ake bayarwa, yaro yana zaune a cinya, kaɗan-kaɗan. Kada a yi masa ɗura, domin ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Idan ya yi amai, a dakata minti goma, sannan a ci gaba a hankali fiye da da, cokali ɗaya kowane minti biyu ko uku. Nono kuwa ba a tsayar da shi ko kaɗan, sai ma a ƙara yawan shayarwa, yaron da ya fara cin abinci kuma a ci gaba da ba shi kunun gyaɗa, ko fate, ko dafaffiyar shinkafa mai laushi.

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar wata goma mai nauyin kilo 8. Ta yi gudawa sau biyar daga asuba zuwa azahar, amma tana kama nono, tana kallon mutane, idanunta ba su faɗa ba. Wannan jinyar gida ce: cokali goma zuwa ashirin bayan kowace gudawa, da nono, da zinki. Idan zuwa la'asar ta fara rigima ba ta lallasuwa, idanun sun zurma, tana fizgar kofi tana sha da zalama, to ruwan jikinta ya fara raguwa, kuma lokacin zuwa asibiti ya yi. A can ma'aikata za su auna ta su lissafa mililita 75 a kan kowane kilo, wato mililita 600 da za ta sha cikin awa huɗu. Idan aka raba, mililita 150 ke nan a awa ɗaya, kusan cokalin shayi guda kowane minti biyu. Aiki ne na haƙuri wanda yake bukatar uwa ta zauna wuri ɗaya, kuma a nan ne maigida ko kaka za su ɗauke mata girki da sauran yara. Bayan awa huɗun za a sake duba yarinyar a ga ko za ta koma gida.

Ya kamata iyaye su sani cewa ORS ba ya tsayar da gudawa, aikinsa mayar da abin da ya fita ne, don haka ganin yaro yana ci gaba da zawo ba ya nufin maganin bai yi ba. Zinki ne yake rage tsanani da tsawon kwanakin gudawar, yana taimakon bangon hanji ya warke, yana kuma rage yiwuwar dawowarta a cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Yaro daga wata shida zuwa sama yana shan ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 a rana, wanda yake tsakanin wata biyu da shida kuma rabin ƙwaya, wato miligiram 10. Ƙwayar mai narkewa ce: a sa ta a cokali, a ɗiga nono ko ruwa mai tsabta, ta narke a ba shi. Tana iya tayar da zuciya, don haka ya fi kyau a ba shi bayan ya sha nono ko ya ci abinci, idan kuma ya amayar da ita cikin rabin awa a sake ba shi wata. Kwana goma zuwa sha huɗu ake yi ana sha. Yawanci gudawa takan tsaya a kwana na uku ko na huɗu, sai a jefa ragowar katin a kan kabat a manta da shi, alhali kariyar watannin gaba ana samunta ne idan an cika kwanakin.

Maganin da masu kyamis suke yawan miƙawa, irin su filajil da kafso, ba su da amfani a mafi yawan gudawar yara, domin ƙwayoyin cutar da suka fi kawo ta ba sa jin irin waɗannan magunguna. Ƙwayoyin tsayar da zawo na manya kuwa suna da haɗari ga yara, suna iya kumbura ciki. Haka nan, ko da an ce haƙori ne yaro yake fitarwa, ruwan da ya zuba ya zuba, kuma mayar da shi ake yi.

Akwai alamomin da idan an ga ko da guda ɗaya, ba a jiran gari ya waye. Yaron da ya kasa sha ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko jikinsa ya saki yana barcin da ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, asibiti ake nufa da shi nan take. Wani lokaci yaron da ya kwana yana kuka yakan yi shiru, a ɗauka ya samu sauƙi, alhali ƙarfin kukan ne ya ƙare, don haka a tashe shi a ga ko yana kallon mutane. Ku kama fatar cikinsa tsakanin cibiya da gefe da yatsu biyu, ku ɗaga na daƙiƙa ɗaya ku saki. Fatar mai lafiya takan koma nan take, idan kuwa ta wuce daƙiƙa biyu a tattare, ruwan jiki ya yi ƙasa sosai. Faɗawar maɗiga a kan jariri ita ma alamar rashin ruwa ce, kuma shafa mata magani ba ya ɗago ta. Ku lura da fitsari, idan ya yi kusan awa shida bai jiƙa wando ba, abin dubawa ne.

Jini a cikin bahaya yana nuna atini, wanda yake bukatar maganin da likita zai rubuta. Gudawa mai yawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, musamman da damina idan ana maganar kwalara a unguwa, tana iya ƙarar da ruwan yaro cikin 'yan awanni. Zazzaɓi tare da gudawa yana bukatar gwajin maleriya. Jaririn da bai kai wata biyu ba, da yaro mai tamowa wanda ya rame sosai ko ƙafafunsa suka kumbura, ba a yi musu jinyar gida tun daga farko, domin mai tamowa akwai haɗi na musamman da ake ba shi a asibiti. Sannan idan an yi kwana uku ana jinya babu sauƙi, ko gudawar ta kai kwana 14, a kai shi a duba.

A fara da asibitin da ya fi kusa, idan lamarin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ku zuba haɗin a gora mai tsabta ku tafi da shi tare da cokali, ku ci gaba da ba yaron a cikin keke ko mota muddin yana iya haɗiya, amma idan ya suma kada a zuba masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa. Ku riƙe ledar ORS da katin zinki da duk maganin da aka riga aka ba shi, kuma ku shirya faɗa wa ma'aikata ranar da gudawar ta fara, sau nawa ya yi, da lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe.