Sharhi: Kilo Nawa Ya Kamata Yarinyar Ta Kai?

"Ɗiyata shekararta 15, tsawonta mita 1.60. Wata shida da suka wuce kilo 48 gare ta, yau 38. An yi awon tarin fuka, da ƙanjamau, da ciwon suga, duk ba a ga komai ba. Abinci akwai a gidan, amma loma biyu sai ta ce ta ƙoshi. Al'adarta ta tsaya. Don Allah kilo nawa ya kamata ta kai, kuma me zan riƙa ɗura mata?"

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Saƙon wata uwa ke nan daga nan cikin Damagaram. Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Zan zo kan kilo, amma tun daga farko in ce miki: kada ki ɗura mata komai tukuna, ki kai ta asibiti a yau.

Mu a wannan jiha mun san rama. Mun san tamowa, mun san zaren nan mai ja da rawaya da tsanwa da ake ɗaura wa yara a dantse. Shi ya sa in aka ga mai rama, hankali kan tafi ga yunwa ko wata cuta mai cin jiki, in an rasa su kuma a koma batun iska ko sammu. Amma akwai wata cuta da likitoci ke kira anoreksiya, wadda ta fi kama ƴan mata a shekarun balaga, ko da yake samari ma ba su tsira ba. Mai ita na hana kanta abinci alhali yana gabanta, wani lokaci don tsoron ƙiba, wani lokaci kuma ba ta ambaton ƙiba sam, sai dai ta ce cikinta na kumburi. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jiki tare, tana kisa, kuma ana warkewa. Wanda ya kira ta shagwaɓa ya zalunci yarinyar. Ni ba zan yanke hukunci daga ɗakin watsa shirye-shirye cewa ita ce ke damun ɗiyarki ba, aikin likita ne. Abin da zan iya shi ne in nuna yadda awon ya kamata ya gudana.

Likitan da ya san aikinsa da hira yake farawa, da uwa a gefe ɗaya, sannan da yarinyar ita kaɗai, domin akwai abin da ba za ta faɗa a gaban mahaifiyarta ba. Zai tambayi abin da ta ci jiya tun daga karin kumallo har kwanciya, kuma ba zai karɓi "na ci tuwo" a matsayin amsa ba: loma nawa, fura ludayi nawa, da nono ko gaya. A gidajenmu da ake haɗuwa a kwano ɗaya, yarinya na iya yin wata da watanni tana juya hannu a cikin miya ba wanda ya lura ba ta kai shi baki. Zai tambaya ko tana sa yatsa ta yi amai, ko tana shan maganin wankin ciki ko shayin rage tumbi, ko tana yawan tsalle-tsalle a ɗaki da dare. Zai tambaya ko azumin nafila ya wuce na Litinin da Alhamis ya zama na kusan kullum, kuma ko tana cin abin kirki a buɗa-baki. Zai tambayi watan da ta ga al'ada ta ƙarshe da nauyinta a lokacin. Kuma dole ya tambaya, kai tsaye, ko ta taɓa tunanin kashe kanta.

Sai awon jiki, kuma a nan nake so a buɗe kunne. Sikeli ba ya faɗin wadda ke bakin mutuwa, zuciya ce ke faɗa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yana rage gudun komai don ya yi tattali. In bugun zuciya ya gaza 50 a minti da rana, ko 45 cikin barci, a kwantar da ita. Haka in tansiyo ya sauka ƙasa da 90 bisa 45, ko zafin jiki ya kasa 35.6. Ana auna ta a kwance, a sa ta miƙe, a sake aunawa; in tansiyo ya faɗi ko zuciya ta zabura, ga jiri, alama ce babba. A ce ta tsuguna ta tashi ba tare da dafa komai ba, a ga ko ƙafafu za su ɗauke ta. A taɓa hannunta, sau da yawa sanyi ƙalau ko a watan zafi. A duba bayanta, akan ga wani lallausan gashi ya tsiro. A duba bayan yatsu ko akwai kanta, da haƙora ko sun zaizaye, da gefen muƙamuƙi ko ya kumbura, domin waɗannan sawun amai ne. Daga nan a ɗebi jini a auna suga da gishirin jini, musamman fotasiyam da fosfat da maginiziyam, a kuma ɗauki zanen bugun zuciya, ECG. Ko awon jinin ya fito tsaf, kada a saki jiki, yakan yi kyau a takarda alhali yarinyar tana cikin haɗari.

To, yanzu lissafi. Akwai ma'aunin da ke haɗa nauyi da tsawo, wanda takardun asibitocinmu ke rubutawa IMC. Ana ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Mita 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56. Kilo 38 a raba da 2.56, an sami 14.8. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gwada wannan da ma'aunin manya, alhali wadda ba ta gama girma ba jadawalinta daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi a 2007 don masu shekara 5 zuwa 19, kuma a cikinsa tsaka-tsakin yarinya mai shekara 15 shi ne 20.2. Wato ɗiyar Hajiya tana kan kashi 73 cikin ɗari na tsaka-tsakin sa'o'inta. Ƙwararrun likitocin matasa na kwantar da mai kashi 75 ko ƙasa da haka. Ƙari a kan wannan, kilo 10 daga 48 ya haura kashi 20 cikin ɗari na jikinta, a wata shida kacal. Saurin zubewar kansa haɗari ne, har ga yarinyar da ta fara da ƙiba ta sauko ta zama kamar kowa a ido.

Kilo nawa za a nufa? In an bi tsaka-tsakin kai tsaye, 20.2 sau 2.56 ya kusa kilo 52. Amma a ganina likitan da ya rubuta 52 ya rufe littafi ya yi gaggawa. Kowace yarinya da hanyar da jikinta ke bi tun tana ƙarama, wata siririya ce tun fil azal, wata mai jiki. Shi ya sa tsohon katin awo, da duk wata takardar asibiti mai ɗauke da nauyi da kwanan wata, ke da daraja a nan. Wannan yarinya, lokacin da take lafiya tana al'ada, kilo 48 ɗinta ya ɗora ta wajen kashi 94 cikin ɗari na tsaka-tsakin shekarunta na lokacin. In aka mayar da ita kan hanyarta, a shekarunta na yau, ana maganar wajen kilo 49. Don haka sai a rubuta tazara, 48 zuwa 50, tunda nauyin mutum na motsi tsakanin safe da yamma. A kuma rubuta yadda aka samo shi: tsawon da aka yi aiki da shi, shekaru da watanni, jadawalin da aka duba, da ranar da za a sake lissafi.

Wannan ranar tana da muhimmanci, domin abin kamar ɗinkin sallah ne, awon bara ba ya shiga bana. In ta kai 16, tsaka-tsakin ya hau 20.7, in kuma ta ƙara santimita ɗaya, abin da ake nufa ya koma wajen kilo 51. Duk wata uku zuwa shida a sake auna tsawo a sabunta. Tun ranar farko a gaya wa iyaye haka, don kada yarinya ta kai 49 da ƙyar, a ce mata saura, ta ji an yaudare ta. Sannan jiki na da tasa shedar. Dawowar al'ada na cikin manyan alamun cewa nauyi ya isa, kuma sau da yawa sai an haura nauyin da ta tsaya a kansa da kamar kilo biyu. In an kai lambar da ke rubuce amma al'ada shiru, zuciya na tafiyar hawainiya, tunanin abinci bai sake ta ba, to lambar ce ta yi kaɗan.

Shi kansa hawan sikeli da ƙa'idarsa. Sikeli ɗaya, da safe, bayan ta yi fitsari, kafin ta ci ko ta sha, cikin riga marar nauyi, ba hijabi ba takalmi, kuma mace ce za ta auna ta a wurin da ke da sutura. Cutar kan sa yarinya ta ɗirki ruwa lita guda kafin awo, kuma lita guda kilo guda ne cif, ko ta ɓoye wani abu mai nauyi a zane. Kada a kama ta kamar ɓarauniya, a rubuta abin da aka gani kawai. Wasu likitoci na sa ta juya wa sikeli baya don kada lambar ta firgita ta. Duk tsarin da aka zaɓa, a rubuta shi, kowane ma'aikaci ya bi.

Na dawo kan ɗura, Hajiya. Jikin da ya daɗe bai samu ba, in aka cika shi da abinci lokaci guda, fosfat da fotasiyam da maginiziyam sukan ruga daga jini su shige cikin tsoka, jinin ya wayi gari babu su. Sai kumburin ƙafa, ruɗewa, farfaɗiya, ko zuciya ta tsaya. Haɗarin ya fi yawa a makon farko, kuma ya fi kama masu nauyi irin na ɗiyarki. Shi ya sa ake fara ciyarwar a gadon asibiti, ana ƙara abinci mataki-mataki, ana auna gishirin jini kullum a kwanakin farko, ana ba da bitamin B1 da fosfat in da buƙata. In ƙafa ta kumbura sikeli ya yi tsalle da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ya taru, kada a rubuta shi a matsayin ci gaba.

Bayan haɗarin ya wuce, abin da ake sa rai shi ne wajen kilo ɗaya a mako a asibiti, wajen rabin kilo a gida, da ci uku a rana da ɗan taɓa-ka-lashe a tsakani: kunu da madara, ƙosai, ƙwai, fura da nono, tuwo da miya mai mai. A kwanonta ita kaɗai, ke ce mai zubawa, ki zauna har ta gama, ki kuma zauna da ita kamar awa ɗaya bayan nan. Kilo 11 a kan rabin kilo duk mako ya haura wata biyar, kuma a duk tsawonsa tana buƙatar ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa tare da likitan jiki.

Ki tattara tsofaffin takardunta, da sakamakon awon da aka riga aka yi, da duk wani magani ko shayi da kika tarar a ɗakinta, ki nufi Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko asibitin da ya fi kusa ya tura ku. Ki gaya musu kilo 48 da kilo 38 da wata shida, ki roƙi a auna bugun zuciyarta a kwance da a tsaye. In kuwa ta suma, ko ta ce ƙirjinta na ciwo, ko ta daina karɓar ko da ruwa, kada a jira gari ya waye.