Gidajen lissafi: yadda mai sabon gidan burodi zai tsara littafinsa

(Lacca ce da aka gabatar wa masu ƙananan sana'o'i, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, barkanmu da war haka.

Kowa a nan ya san asusun ƙasa, wanda muke jefa wa kwabbai muna yara. Aibinsa guda ne: ranar da ka fasa shi za ka ga kuɗi, amma ba zai faɗa maka wanne ne na barka da salla ba, wanne ne na aike. Littafin da yawancinmu ke riƙe wa sana'a haka yake. Shafi biyu ne, abin da ya shigo da abin da ya fita. Jadawalin asusu da za mu yi magana a kai shi ne ka yanke shawara, tun kafin ka rubuta cinikin farko, gidaje nawa littafinka zai ƙunsa, me sunan kowanne, kuma wanne ke zaune kusa da wanne. Zan riƙa kiran kowane asusu da gida, don ya fi sauƙi a baki.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata Hajiya ta buɗe gidan burodi. Alkaluman da zan ba ku ni na tsara su don darasi, kada wani ya tafi kasuwa da su.

A watan farko ta yi cinikin naira 3,000,000. A ciki masu shayi da masu sari ba su biya 250,000 ba tukuna. Wata uwar biki kuma ta kawo kafin alƙalami na 200,000, don burodi da kek da za a yi mata wata mai zuwa. Abin da ya shigo hannu ke nan 2,950,000. Abin da ya fita kuwa: fulawa, sukari, bota, yis, itace, leda da ladan masu gashi sun ci 2,310,000. Hayar shekara 600,000, kun san mai gida ba ya karɓar ta wata-wata. Albashin mai kanta da mai gadi, man motar kai kaya, lantarki da janareta, 270,000. Sannan Hajiya ta ɗibi 200,000 ta yi cefane da kuɗin makarantar yara. Jimilla 3,380,000. Littafi mai shafi biyu zai ce mata ta faɗi da 430,000. Ba za ta yi barci ba a daren nan, wataƙila ma ta rage girman burodi ko ta sallami ma'aikaci. Alhali riba ta ci. Ku riƙe wannan 430,000 ɗin, za mu dawo mata.

Gidajen lissafi dangi biyar ne, ni kuma ina raba na biyar gida biyu, su zama shida. Na farko dukiyar sana'a: kuɗin aljihun tebur, kuɗin banki, bashin da kike bi, kayan da ke sito, tanda da injin kwaɓi. Na biyu bashin da ake bin sana'a. Na uku jarin mai sana'a. Na huɗu ciniki. Na biyar kuɗin yin kaya. Na shida kuɗin ɗawainiya. Al'adar akantoci a Najeriya ita ce a ba su lambobi bi da bi: dukiya ta fara da 1000, bashi 2000, jari 3000, ciniki 4000, yin kaya 5000, ɗawainiya 6000. Doka ba ta tilasta wa ɗan kasuwa waɗannan lambobi ba, sabo ne da ya yi amfani. Dangi ukun farko suna faɗin inda sana'a take tsaye a yau, kuma dole dukiya ta yi daidai da bashi haɗe da jari. Ukun ƙarshe suna ba da labarin abin da ya faru cikin wata ko shekara, kowace sabuwar shekara kuma daga sifili suke farawa.

Yanzu mu kai kowane kuɗin Hajiya gidansa. Naira 250,000 da ke hannun masu shayi ciniki ne, burodi ya fita, an ci. Ta rubuta shi a ciniki, ta kuma rubuta shi a gida mai lamba 1200, bashin da muke bi. Kafin alƙalamin uwar biki kuwa ba ciniki ba ne, ko da kuɗin yana hannunta. Har sai ta kai kek ɗin, bashi ne a wuyanta, gidansa yana cikin dangin 2000. Idan aka ɗaga bikin, ai mayar da shi za ta yi. Hayar shekara kuma, 50,000 kaɗai watan ya ci. Sauran 550,000 dukiyarta ce da ke ajiye wurin mai gida, sai ta buɗe mata gida a dangin 1000 mai suna hayar da aka biya gaba, kowane wata ta ɗebi 50,000 ta kai ɗawainiya.

Kuɗin cefane shi ne inda nake shan gardama da mutane. Sai a ce, Malam, ai kuɗina ne. Naki ne, Hajiya, babu mai hana ki. Amma burodi bai ci tuwon daren gidanki ba. Wurinsa dangin jari, a gida mai suna abin da mai sana'a ta ɗiba. Idan kika zuba shi cikin ɗawainiya, watan da aka yi suna a gidanki littafi zai nuna sana'a ta lalace, alhali tanda na nan tana aiki kamar kullum.

Akwai kuma kuɗin da bai fita a watan ba amma an ci shi. Tanda da injin kwaɓi ta saye su 2,400,000, tana sa ran su yi shekara 5. Kowane wata suna tsufa da 40,000, dole a rubuta. Idan muka haɗa: ciniki 3,000,000, a cire kuɗin yin kaya 2,310,000, saura 690,000. A cire ɗawainiya, wato 50,000 da 270,000 da 40,000, jimilla 360,000. Riba 330,000. Ko kwabo ba mu ƙara ba, ba mu rage ba, gidaje kawai muka canza wa kuɗin. Na ɗauka a misalin nan duk fulawar da ta saya ta ƙare a watan. Da buhu goma sun yi saura, sai a ƙirga su a bar su a gidan kayan sito, don ba a kashe su ba tukuna.

Me ya sa na nace a raba yin kaya da ɗawainiya? Saboda waccan 690,000 ɗin. Kashi 23 cikin ɗari ce ta ciniki, kuma ita ce ma'aunin lafiyar gidan burodi. Tambayar da za ki yi wa kowane kuɗi ita ce: idan na ninka burodin da nake gasawa, shi ma zai ninku? Fulawa za ta ninku, leda za ta ninku, itace zai ƙaru sosai, to dangin 5000 ne. Albashin mai gadi ba zai motsa ba, dangin 6000 ne. Idan wata mai zuwa kashi 23 ya sauko 18, kin san matsalar tana ɗakin gashi: ko fulawa ta tashi ba ki taɓa farashi ba, ko masu kwaɓi na yanka curi fiye da awo, ko buhu na fita ta ƙofar baya. Don ki gane wanne ne, fulawa ta samu gidanta ita kaɗai, tunda ita ce rabin cinikin gaba ɗaya. Gishiri da yis da bota su zauna gida ɗaya, ba su kai a ɓata musu shafi ba. Burodin da masu sari ke dawo da shi don ya kwana, shi ma a buɗe masa gida a ƙarƙashin ciniki, kada a rage shi a ɓoye, don ranar da ya yi yawa ki san kina gasa fiye da abin da kasuwa ke ɗauka.

Ga kuskuren da masu himma ke yi. Na taɓa duba littafin wani matashi da ya buɗe wa kowane mai shayi gida a jadawali, har gidajensa suka fi ɗari, shi kansa ya daina ganewa. Gida ɗaya ya isa, 1200. Sunayen mutane su tafi ƙaramin littafin bashi, a ƙarshen wata a haɗa su, jimillar ta zo daidai da abin da ke 1200. Idan ba ta zo ba, an karɓi kuɗi ba a rubuta ba, ko an rubuta wa wani sau biyu. Sana'a irin ta Hajiya, gida talatin zuwa arba'in sun wadatar. Kishiyar wannan kuskure shi ne gidan da ake kira sauran abubuwa. Ku buɗe shi, amma ku sa masa ido. Duk watan da ya fi haya ko albashi girma, akwai wani kuɗi a ciki da ya isa a yi masa gidan kansa.

Lambobin kuma ku bar tazara: 5100 fulawa, 5200 sauran kayan haɗi, 5300 makamashi. Ranar da Hajiya ta koma gas, sai itace ya zama 5310, gas 5320, ba a rushe komai ba. Kuma kada a yi ta canza gidan kuɗi tsakiyar shekara. Idan man janareta yana ɗawainiya a Janairu ya koma yin kaya a Yuni, ba za ki iya gwada watannin biyu ba. Kuɗin hannu da kowane asusun banki su zama gida dabam-dabam, kuma ɗaukar kuɗi daga aljihun tebur a kai banki ba ciniki ba ne, ƙaura ce daga ɗaki zuwa ɗaki.

(Wani dattijo ya tambaya: ƙanensa ya ba shi kuɗi ya sa a sana'a, ina zai rubuta?)

Baba, ya danganta da abin da kuka yi da shi. Idan rance ne, za ka mayar masa daidai ko an ci riba ko an faɗi, dangin 2000 ne. Idan kuwa kun yi za ku raba riba, to gidansa yana dangin 3000 da sunansa, kusa da naka. Ku zauna ku rubuta tun yanzu ana shiri. Wannan rabon zai taimake ka har ranar lissafin zakka, domin malamin da za ka tambaya zai so sanin kuɗin hannu, hajar sayarwa da bashi kowanne dabam, ba a cakuɗe da kayan aiki ba.

(Wani baƙo daga Maraɗi ya ce lambobin da akantansa ke amfani da su ba su yi kama da waɗannan ba.)

Gaskiyarka, Alhaji. A Nijar, da Chadi da Kamaru, ba kai ke zaɓen manyan lambobi ba. Ƙasashen suna cikin ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, tsarin lissafinta da ake kira SYSCOHADA ya riga ya jera su, sabon fasalinsa kuma ya fara aiki a Janairun 2018. A can 3 kayan sito ne, 5 kuɗin hannu da banki, 6 kashewa, 7 abin da aka samu. Masu sayen kayanka suna 411, masu kawo maka kaya 401. Aikin da ya rage maka shi ne ƙananan gidaje a ƙarƙashin waɗannan lambobi. Ka ce wa akantanka ya ware maka fulawa da makamashi a cikin dangin 6, don ka iya fitar da irin kashi 23 ɗin nan kowane wata. Akwai wata tambaya daga ɓangaren mata, a miƙa musu lasifika.