Amsoshin Tambayoyinku: Baƙin Tabo a Ƙarƙashin Saiwar Haƙori

Wasiƙa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: "Assalamu alaikum. Shekarata 29. Bara turmina na ƙasa, gefen dama, ya hana ni barci kusan mako 2, daga baya ya lafa da kansa. Kwanan nan aka yi mini hoton baki, aka ce akwai baƙin tabo a ƙarƙashin saiwarsa, da kogo, kuma haƙorin hankalina a kwance yake. Ni yanzu ba na jin komai. Shin dole ne a taɓa shi, ko in sha kafso kawai?"

Likita: Wa alaikumus salam, Malam. Dole ne a taɓa shi, kuma wannan lafawar da ciwon ya yi ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙar taka. Amma bari mu fara da hoton, don masu saurare su san abin da ake kallo idan likita ya ɗaga shi.

A hoton haƙori, duk abu mai tauri fari yake fitowa. Ɓawon haƙori fari tas, cikon ƙarfe ya fi shi fari, ƙashin muƙamuƙi kuma toka-toka. Inda ka ga duhu, wurin ba shi da tauri ke nan, ko dai asali haka aka halicce shi, ko kuma wani abu ya cinye shi. Kuma ƙashi ba ya nuna duhu sai ya rasa kusan kashi 1 cikin 3 na taurinsa, ko fiye. Saboda haka tabon da aka nuna maka ba na jiya ba ne, ya ɗauki watanni yana taruwa.

Ban ga hotonka da idona ba, amma yadda ka kwatanta, abubuwan nan uku da aka lissafa maka labari ɗaya ne, kuma daga haƙorin hankalin ya faro. Shi ne haƙori na ƙarshe da ke tsirowa, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da sauran 28 ɗin sun riga sun mamaye wuri. Idan bai sami fili ba sai ya karkata gaba, ya jingina kansa a bayan turmin da ke gabansa. Tsakaninsu sai a sami wani ɗan lungu wanda buroshi ba ya shiga, asuwaki ma ba ya kaiwa. Zaren nama, tuwo, garin ƙuli-ƙuli, duk nan suke maƙalewa. Ƙwayoyin cutar baki suna cin ragowar abincin, musamman mai zaƙi da mai gari, suna fitar da tsami, tsamin kuma yana narkar da jikin haƙori. Ba tsutsa ba ce, ko da mai magani a kasuwa ya turara maka hayaƙi ya nuna maka wasu farare a cikin kwano.

Abin takaicin shi ne kogon ba a jikin haƙorin hankalin yake fara yin ɓarna ba, a jikin turmi mai amfani yake yi, kuma ta baya, kusa da dasashi, inda madubi ba zai nuna maka ba. Aikin gara ne a jikin azara: waje lafiya lau, ciki ya zama kogo. Ko a hoton ma, kogo yakan fito ƙarami fiye da yadda za mu tarar da shi in mun buɗe.

Mai gabatarwa: To Likita, in ɓarnar tana ci gaba, me ya sa ciwon ya tsaya?

Likita: Saboda mai kukan ne ya mutu. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, kuma suna shigowa ne ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Da kogo ya kusanci ɗakin, sai mutum ya fara jin tsami-tsami in ya sha ruwan sanyi. Da ƙwayoyin cuta suka shiga, jijiyar ta kumbura, ga shi kuma bango mai tauri ya kewaye ta, babu inda za ta buɗa. Wannan shi ne zugin da ya hana Malam barci, irin wanda yake ƙaruwa in an kwanta, ya harba har cikin kunne. Daga nan jijiyar ta mutu, zugi ya ɗauke, mutum ya ce kanumfarin da ya danna ya yi aiki. Alhali ƙwayoyin cutar sun gaje ɗakin, suna tsiyayowa ta ƙofar saiwa zuwa cikin ƙashi. Jiki kuma, garin yaƙi da su, sai ya narkar da ƙashin da ke kewaye da bakin saiwar. Ramin da ya bari shi ne baƙin tabon.

Abin da ke cikin ramin kan bambanta. Wani tsiron nama ne na kumburi, wani 'yar jaka ce mai ruwa, wani kuma mugunya ce. Hoto kaɗai ba ya rarrabe su, amma maganin farko ɗaya ne, a kawar da tushen ƙwayoyin.

A nan ne batun kafso ya faɗi. Maganin da ka haɗiya jini ne ke kai shi inda ake bukata, mataccen haƙori kuwa jini ba ya shiga cikinsa. Amoksisilin da filajil za su iya kwantar da kumburin da ke kewaye na ɗan lokaci, amma ba za su taɓa ainihin maɓoyar ba. In an gama shansu abin ya dawo. Ina ganin mutane sun sha zagaye 3, 4 daga kemis kafin su zo mana, sun kashe kuɗin da ya kusa isa aikin.

Hanya biyu ce. Ta farko wankin saiwa. A yi maka allurar kashe zafi, a huda haƙorin ta sama, a bi hanyoyin saiwa da wasu siraran allurai, turmin ƙasa yakan sami hanya 3, wani lokaci 4, a kwashe mataccen naman, a wanke da ruwan magani, a toshe su har ƙarshe da wani abu mai kama da roba, sannan a cike saman. Yawanci zama 1 zuwa 3 ne. Turmin da aka yi wa haka yakan so a sa masa hula, don kada ya tsage wajen tauna. In aikin ya yi kyau, kusan 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa. Kada ka sa ran tabon ya ɓace nan take; ƙashi a hankali yake cikowa, shi ya sa muke sake hoto bayan wata 6 zuwa shekara. In ya ragu, madalla. In yana nan yadda yake ko ya ƙaru, sai a sake duba aikin.

Ta biyu cirewa. Abin da zai raba gardama a naka shi ne zurfin kogon nan na baya. In ya gangara ƙasa da dasashi har ya ci jikin saiwa, babu inda ciko zai kama, kuma kashe kuɗi a wankin saiwa asara ce. Ka tambayi likitanka kai tsaye: bangon da ya rage zai riƙe ciko? In ya ce zai riƙe, ni a ganina ka ceci turmin, domin da shi kake tauna. Haƙorin hankalin kuma a fitar da shi, in ba haka ba lungun yana nan, ɓarnar za ta dawo.

Mai gabatarwa: Mutane suna tsoron cire wannan haƙorin, Likita. Ana cewa yana taɓa ido.

Likita: Babu ruwansa da ido. Abin da yake kusa da shi da gaske wata jijiya ce da ta ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Shi ya sa muke son babban hoton nan da ke nuna baki gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, mu ga nisan saiwa da ita. In an gurje ta, leɓe yakan yi sanyi kamar ba naka ba, mafi yawa na makonni ko watanni, ɗorewarsa ba kasafai ba ne. Kwantaccen haƙori irin na Malam ba a fizgarsa. Ɗan aiki ne, a tsaga dasashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, a ɗinke. Aikin asibiti mai sashen haƙori ne, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ba na mai filaya a bakin tasha ba. Bayan an cire, awa 24 na farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba sigari, don gudan jinin da ya toshe ramin ya zauna. In ya fita, a kwana na 3 zuwa na 5 za ka ji zugi da wari wanda ya fi na da. Daga washegari sai kurkure a hankali da ruwan ɗumi da gishiri.

Kuma ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. Wanda ya fito a miƙe, ana iya goge shi, bai cutar da maƙwabcinsa ba, a bar shi.

Malam, kafin ranar da aka ba ka, ga abin da ba a kwana da shi a gida: kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya yi nauyi. Wannan mugunya ce ta fasa ƙashi ta shiga nama, tana iya toshe maƙogwaro, kuma ta fi saurin yaɗuwa ga mai ciwon suga. Ko tsakar dare ne, asibiti. Sannan don Allah a daina ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, a daina danna asfirin a dasashi. Ƙuna kawai suke yi.

Wasiƙa daga Daura: "Ni mace ce, shekarata 44. Hoto ya nuna baƙaƙen tabo a ƙarƙashin haƙorana na gaba na ƙasa. Ba su taɓa yi mini ciwo ba, ba su da kogo. An ce mini gara a cire."

Likita: Hajiya, ki dakata tukuna, kada a cire komai sai an gwada ko haƙoran suna da rai. Gwajin ba wuya: a ɗora auduga mai sanyi ƙarara a jikin kowanne. In kin ji sanyin ya ratsa, ya kuma wuce da an ɗauke, jijiyar tana raye, haƙori mai rai kuwa da wuya tabon saiwarsa ya zama irin na Malam. Sai a ƙwanƙwasa su a ji ko akwai mai zafi, a tambaye ki ko kin taɓa faɗuwa ko buguwa a wurin, domin bugu yana kashe jijiya ba tare da kogo ba, kuma irin wannan haƙorin yakan dushe ya fi 'yan'uwansa duhu.

In duk sun amsa sanyi, akwai wani sauyi na ƙashi da aka fi gani a mata baƙar fata masu matsakaicin shekaru, kuma daidai wurin da kika ambata yake zama. Da fari duhu yake fitowa a hoto, da shekaru sai tsakiyarsa ta riƙa yin fari. Ba ƙwayoyin cuta ba ne, ba daji ba ne, ba ya bukatar wankin saiwa balle cirewa. Taɓa shi ma yakan jawo matsalar da babu ita. Ki riƙe hoton nan da kyau, ko ki ɗauke shi a waya, ki koma da shi bayan shekara a yi sabo a gwama su.