Yaron da ke kifar da allon ludo: da wane wasa za a fara?

Ku dubi wannan yaron. Shekararsa biyar, ya yi rabin awa yana jan ɗansa a ludo, saura kaɗan ya shiga gida, sai yayarsa ta cinye shi. Ya kifar da allon, ya fashe da kuka.

Kafin a ce masa mai baƙar zuciya, a duba wasan tukuna. Ludo yana da tsawo, sai an jefa siki kafin a fito, kuma wanda ya mayar da kai farko yana zaune a gabanka yana dariya. Wahalar rabin awa ta tashi a banza a jifa ɗaya. Babba ma yakan ji zafin wannan, balle yaro.

Don haka a ajiye ludo na ɗan lokaci, a fara da wasan da ku biyu, uwa da yaro, kuke gefe ɗaya. A samu kati 12, iri shida bibbiyu, a kife su. Kowa ya buɗe biyu, in sun dace a ajiye su a tari guda na kowa da kowa. A sa agogo minti uku. In lokaci ya cika ba ku gama ba, tare kuka faɗi, kuma a nan zai ga yadda kike karɓar faɗuwa: "Kash, agogo ya ci mu! A sake rabawa." Faɗar nan da yake ji a bakinki ita zai ara daga baya.

In ya saba, sai a shiga gasa, amma gajeriya ƙwarai. Dayis ɗaya ya isa. Kowa ya jefa, mai lamba babba ya ɗauki tsinke, wanda ya fara tara biyar ya ci. Zagaye ɗaya bai fi daƙiƙa goma ba, don haka kafin ransa ya gama ɓaci, dayis ya dawo hannunsa. Kuma sa'a ce zalla, ba zai ɗauka don bai iya ba ne ya faɗi.

Inda aka fi kuskure shi ne a riƙa bar masa ci a ɓoye. Ranar da ya yi wasa da sa'anninsa, babu mai raga masa. In za a sauƙaƙa, a faɗa a fili tun farko: "Na girme ka, don haka ka fara da tsinke biyu." Dokar ba ta sauyawa a tsakiyar wasa, ko da hawaye.

Ki lura da jikinsa. In ya fara matse dayis a hannu, ko yana cewa "wannan jifar ba a ƙirga ba", a ƙarasa zagayen a tashi. Kada a yi wasa yana jin yunwa ko barci.

Ludo kuwa, a dawo da shi ranar da ya faɗi sau biyu a jere ya ce a sake. Ko a lokacin, kowa da ɗa biyu maimakon huɗu, kuma babu cinye ɗan wani.