Lacca Kan Ribar Sola Da Kuɗin Da Take Ci A Gida

Assalamu alaikum, jama'a. Na gode da kuka ba ni lokacinku.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, idan na sa sola, na huta da kashe kuɗin wuta ke nan?" Amsata a'a ce. Rana ba ta karɓar ko sisi, wannan gaskiya ne, amma batirin da ke ajiye wutar yana ƙarewa kaɗan-kaɗan kowane dare, kuma ranar da ya mutu aljihunka ne zai ji. Shi ya sa yau nake so mu yi lissafin tare, a kan gida guda ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki gida mai ƙwan fitila shida, kowanne wat 10, ana kunna su awa shida. Idan ka ninka yawansu da wat da awa, 360 ke nan. Fanka biyu masu wat 60, awa takwas, 960. Talabijin mai wat 80 na awa huɗu, 320. Firji matsakaici yana shan kimanin 1,200 a yini da dare, cajin wayoyi kuma a ba shi 100. Idan kun tara za ku samu kusan 3,000, wato yunit uku a bakin mita. A cikin ukun nan, kusan biyu da dare ake sha, lokacin da babu rana. Ku riƙe wannan biyun, don su ne aikin batir.

Farantin sola ba shi da wahalar lissafi. Mai wat 400, a wurin da ake samun awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi da waya da ƙura, yana ba da kimanin yunit ɗaya da rabi. Biyu za su kai mu uku daidai wa daida, sai dai ranar hadari ko hazo za su gaza, don haka uku nake ba da shawara. Faranti mai kyau yakan zo da garantin shekara 25, ƙarfinsa yana raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Abin da yake nema a gare ka wanki ne kawai, da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

To, da me za mu auna ribar? Nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna auna sola da takardar kuɗin wutar layi. Wutar layi, idan tana nan, yawanci ita ce mafi arha. Amma mai gidan da ake ɗauke wa wuta kullum janareta yake tayarwa, saboda haka da fetur za mu auna. Ni ma da litar fetur zan yi lissafin gaba ɗaya, kowa ya ninka da farashin da yake saye.

Ƙaramin janareta mai ɗauke da kaya marasa nauyi irin na wannan gida yana shan wajen rabin lita a awa, ko da fitila da fanka kawai ke kansa, domin injin yana juyawa da gudu ɗaya ne. Awa shida a dare lita uku, a wata 90, a shekara 1,080. Ban sa baƙin mai ba, wanda ake canzawa bayan awa 50 zuwa 100 na aiki, wato sau biyu ko uku a wata. Ban sa fulogi da kuɗin makanike ba. Kuma duk da wannan kashe kuɗin, awa shida kawai ka samu, sauran daren firjin a kashe yake.

Yanzu batir, kuma a nan zan ɗan daɗe. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 a rubuce yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabi kawai aka yarda ka sha, idan kana son ya yi ƙarko. Saboda haka yunit biyu na dare suna buƙatar batir biyu. Irin wannan batir, idan an kula da shi, yakan yi caji da sauka kimanin sau 1,200 zuwa 1,500, wato shekara uku zuwa huɗu idan kowane dare ake amfani da shi. Batirin litiyom kuwa ana shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, kuma mai kyau yakan wuce sau 3,000, wasu har 6,000. Ku raba kuɗin batir da yawan dararen da zai yi, abin da ya fito shi ne kuɗin wutar darenku na gaskiya. Da wannan ma'aunin, litiyom da ya ninka na ruwa sau biyu a kuɗi, amma ya ninka shi sau uku a kwana, shi ne mai arha, in dai mutum yana da halin biya a tashin farko.

A ce duka kayan da kuɗin aiki sun kai kuɗin lita 2,500. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce kuma kana ware kuɗin lita 300 a shekara don sabon batir da ruwan batir da gyaran inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke sha. Cire 300 daga 1,080, saura 780. Raba 2,500 da 780, za ka ga kuɗinka ya dawo cikin shekara uku da 'yan watanni. Amma gidan da janaretansa sau biyu kawai yake tashi a mako, fetur ɗinsa na shekara lita 312 ne, kusan daidai da abin da zai ware wa batir. Wannan mutumin ya sayi natsuwa da rashin hayaƙi, abu ne mai kyau, sai dai kada a ce masa zai ga riba a aljihu.

Wata baiwar Allah a baya ta ɗaga hannu, tana cewa batirinta shekara ɗaya kawai ya yi ya mutu. Hajiya, abu uku nake fara dubawa. Na farko zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanan batirin ruwa da kusan rabi, don haka ɗakin da ba iska maƙabartarsa ce. Na biyu rashin cika: idan faranti ya yi kaɗan, batir yana kwana yana tashi bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa na ciki, kuma idan ya daɗe ba ya narkewa. Na uku ita kanta inbatar. Babba tana iya shan wat 30 zuwa 50 ko ba a kunna komai ba, wanda a awa 24 ya kai kusan yunit ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na abin da gidan misalinmu ke sha. Mai sayen inbata ya tambayi wannan adadi kafin ya biya.

Za ki iya gwadawa da kanki, Hajiya. Da asuba, kafin rana ta fito, kashe komai, bari batirin ya huta kamar awa ɗaya, sannan a auna shi da mitar auna bolt. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.7, wanda aka sha rabinsa kuma wajen 12.1 zuwa 12.2. Idan kullum kina ganin ƙasa da 12, ana shansa fiye da ƙima, sai a rage kayan dare ko a ƙara batir da faranti. Ki kuma buɗe murafansa sau ɗaya a wata, idan ruwa ya ja a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na famfo, ban da asid.